Riga, gari, gira, ragi: dabarar gano kalmomin da suka haɗa haruffa

Ɗauki kalmar "riga". Idan ka juya gaɓoɓinta biyu, kamar yadda yara kan yi a wasa, sai ta koma "gari". Ka ƙara motsa haruffan, ga "gira", ga kuma "ragi". Kalmomi huɗu ke nan da ma'anarsu ta sha bamban, amma da haruffa huɗu iri ɗaya aka gina kowacce, ba ƙari ba ragi. Irin waɗannan kalmomi su ake kira anagiram, a nan kuwa zan riƙa ce musu 'yan gida ɗaya.

Samun ɗaya ko biyu ba wuya. Wuyar tana wajen sanin cewa an gama. Wa ya ce babu ta biyar da ta ɓuya? Mai wasa da kalmomi yakan juya haruffa a ka har ya gaji, sannan ya ce iyakarsu ke nan, alhali gajiyarsa ce ta kai iyaka. Akwai hanyar da ke fito da su duka, ba ta barin ko ɗaya, kuma da takarda da fensir ma ana iya bin ta.

Hanyar da ke fara zuwa wa kowa a rai ita ce a jera haruffan ta kowace fuska, a duba kowane jeri a ƙamus. Ga haruffa huɗu wannan mai yiwuwa ne. Gurbin farko yana da zaɓi 4, na biyu 3, na uku 2, na ƙarshe 1, idan aka ninka su a samu jeri 24. Mutum zai iya rubuta su a shafi ɗaya. Amma lissafin yana hauhawa da saurin da ba a zata ba. Haruffa bakwai suna ba da jeri 5,040. Kalmar "makaranta" mai haruffa tara tana ba da 362,880, ko an cire maimaicin da "a" huɗun nan ke jawowa saura 15,120. Haruffa goma sha biyu kuwa sun haura miliyan 479. Kusan duk waɗannan jeri shirme ne, ba kalmomi ba ne, amma sai an duba kowanne kafin a san haka.

Wannan hanya tana da tarihi mai daraja, kuma ɗaliban Larabci na ƙasar Hausa sun san mai ita. Al-Khalil ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Basra na ƙarni na 8 wanda ya tsara ilimin Aruli, shi ake jingina wa Kitab al-Ain, ƙamus na Larabci mafi daɗewa da ya iso gare mu. A cikinsa ana ɗaukar baƙaƙen tushen kalma a juya su ta kowace fuska: tushe mai baƙi biyu juyi 2, mai uku juyi 6, mai huɗu 24, mai biyar 120. Daga nan a nuna wanne Larabawa ke amfani da shi, wanne aka yi watsi da shi. Juyin ya yi masa aiki domin tushen Larabci gajere ne. Abin da ya fi burge ni a aikin nasa shi ne inda ya ajiye sakamakon. Duk tushen da suka haɗa baƙaƙe yana tara su a babi ɗaya, don haka tushen da ya ba da "ilimi" da wanda ya ba da "amali" maƙwabta ne, tunda dukansu ain ne da lam da mim. Wato rukunin baƙaƙen shi ne adireshi, tsarin da suka zo da shi a kalma bai canza babin da za a same su. Dabarar da masu kwamfuta ke bi a yau tana kan wannan tunani.

Yadda ake yanka mabuɗi

Maimakon a tarwatsa haruffan kalma ta fuska dubu, sai a jera su ta fuska ɗaya tak, wato bisa tsarin abacada. "Riga" tana da r, i, g, a. A jera su, a samu `agir`. A yi wa "gari" haka, `agir` ne zai fito. "Gira" da "ragi" ma `agir`. Wannan jeri ba kalma ba ce, ba ya nufin komai, aikinsa ɗaya ne: ya zama mabuɗin da duk 'yan gidan za su riƙe, wanda kuma bare ba zai taɓa samu ba.

Malamin firamare da ke son sanin yaran da suka fito daga gida ɗaya ba ya tsayar da kowane yaro ya gwada shi da sauran ɗaya bayan ɗaya. Sunan gida yake rubutawa a gaban sunan kowa, ya jera rajista da shi, sai 'yan uwa su faɗo kusa da juna da kansu. Haka aikin yake, kuma matakinsa uku ne.

A ce muna da katuna goma sha uku, kowanne da kalma ɗaya: gari, kasa, gona, riga, tuwo, aska, ango, gira, saka, wata, ragi, gano, tawa. Mataki na farko, a ɗauki kowane kati a rubuta mabuɗinsa a sama. "Kasa" tana da "a" biyu, don haka mabuɗinta `aaks`, kuma dole a rubuta "a" ɗin sau biyu. "Gona" ta ba da `agno`, "tuwo" ta ba da `otuw`, "wata" ta ba da `aatw`. Sau ɗaya ake taɓa kowane kati, ba a kuma duban wani kati lokacin da ake yi. Mataki na biyu, a jera katunan bisa mabuɗansu, a manta da kalmomin da ke ƙasa. Mataki na uku, a bi jerin daga sama zuwa ƙasa, duk inda mabuɗi ya canza a ja layi. Ga abin da zai fito:

```
aaks  kasa aska saka
aatw  wata tawa
agir  gari riga gira ragi
agno  gona ango gano
otuw  tuwo
```

Gida biyar. "Tuwo" ita kaɗai ce a nata, kuma wannan ma amsa ce: a cikin waɗannan katuna ba ta da 'yar uwa. Yanzu idan wani ya zo ya ce a nemo masa duk kalmomin da ke cikin haruffan "ango", ba sai an juya komai ba. A jera haruffansa, a samu `agno`, a je layin, a karanta masa. Ko haruffan da ya kawo ba kalma ba ne, a ce "n, o, g, a" ya zubo a warwatse, hanyar ɗaya ce.

Dalilin da ya sa ba a kuskure a nan mai sauƙi ne, amma yana da kyau a faɗe shi ta ɓangare biyu. Idan kalmomi biyu sun haɗa haruffa da adadin kowane harafi, jerawa za ta kai su wuri ɗaya, domin hanya ɗaya ce ta jera tarin haruffa bisa abacada. Ke nan ba ɗan gidan da zai ɓace. Idan kuma mabuɗansu suka zo ɗaya, to haruffansu ɗaya ne, domin jerawa ba ta ƙara harafi, ba ta cire shi. Ke nan bare ba zai shigo ba. Duk wata dabara da aka kawo a madadin wannan, da waɗannan sharuɗɗa biyu ake auna ta.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ke yaudarar masu koyo, kuma a sharaɗi na biyu suke faɗuwa. Ta farko ita ce a rubuta kowane harafi sau ɗaya, a yi watsi da maimaici. Da haka "nama" da "mana" za su ba da `amn`, daidai ne sun haɗu, amma "manna" ma za ta ba da `amn` ta kutso cikinsu, alhali haruffanta biyar. Ta biyu ita ce a ba kowane harafi lamba a tara, irin yadda masu hisabi ke yi da baƙaƙen Larabci. A ce a ita ce 1, b 2, har zuwa z 26. "Gobe" za ta zama 7 da 15 da 2 da 5, jimla 29. "Dawa" kuma 4 da 1 da 23 da 1, ita ma 29. Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba, amma jimla ta mai da su 'yan gida ɗaya. Tarawa tana haɗiye bayani, jerawa kuwa tana ajiye shi cif.

Abin da ake ragewa na wahala

Jon Bentley, masanin kwamfuta ɗan Amurka, ya sa wannan matsala cikin littafinsa Programming Pearls, wanda ya fara fitowa a 1986, kuma ta nan masu koyon rubuta manhaja da yawa suka fara saninta. A bugu na biyu ya yi misali da ƙamus na Turanci mai kalmomi wajen 230,000, wanda a cikinsa akwai wasu sunayen aikin tiyata biyu 'yan gida ɗaya, kowanne da haruffa 22. Na'urar da ke gwada jeri biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe sama da shekara 35,000 kafin ta gama juya haruffa 22. Idan aka ce to a gwada kowace kalma da kowace, nan ma ana maganar gwaji sama da biliyan 26. Da mabuɗi kuwa, ana bin ƙamus sau ɗaya a yanka wa kowace kalma nata, sannan jera mabuɗan 230,000 yana cin gwaji kimanin miliyan 4. Bayan nan neman kowace kalma a cikin jerin bai wuce taki 18 ba, idan ana raba jerin biyu a kowane taki ana watsar da rabin da ba ya ciki.

A harshen Python, aikin katunan nan layi kaɗan ne:

```python
from collections import defaultdict

def mabudi(kalma):
    return "".join(sorted(kalma.lower()))

gidaje = defaultdict(list)
for k in ["gari", "kasa", "riga", "aska", "gira", "ragi", "tuwo"]:
    gidaje[mabudi(k)].append(k)

print(gidaje[mabudi("riga")])
```

Zai buga `['gari', 'riga', 'gira', 'ragi']`. A nan `sorted` ne ke jera haruffa, `join` ya sake manne su, `gidaje` kuma ma'aji ne da ke ajiye kowace kalma a ƙarƙashin mabuɗinta, don haka ba a ma buƙatar mataki na biyu da na uku. `lower` ɗin da ke ciki ba ado ba ne. Kwamfuta da lamba take sanin harafi, kuma manyan haruffan abacada suna gaba da ƙanana: babban G lambarsa 71, ƙaramin a 97. Ba don `lower` ba, "Gari" da ta zo a farkon jimla za ta ba da `Gair`, ta kafa gidanta ita kaɗai.

Inda Hausa ke da nata sharaɗi

Dabarar ba ta san harshe ba. Abin da aka ce mata harafi ne shi take jerawa, kuma a nan aikin Hausa yake neman natsuwa fiye da na Turanci.

Fara da haruffa masu lanƙwasa. A tsarin Unicode, wanda wayoyi da kwamfutoci ke amfani da shi, ɓ da ɗ da ƙ suna da lambobinsu na kansu, can nesa bayan z. Saboda haka "ƙasa" za ta ba da `aasƙ`, da ƙ a ƙarshe, ba kusa da k ba kamar yadda ƙamus zai sa ta. Wannan ba matsala ba ce ko kaɗan. Mabuɗi ba don karantawa aka yi shi ba, muddin dai tsari ɗaya ake bi ga kowace kalma, "ƙasa" da "saƙa" za su haɗu, haka ma "ɗaki" da "kiɗa" da "kaɗi" a ƙarƙashin `aikɗ`.

Matsalar tana cikin jerin kalmomin da aka ciyar da na'urar. Rubutun Hausa da ake samu a waya da intanet yawancinsa gauraye ne: wani ya sa lanƙwasa, wani bai sa ba, wani kuma ya rubuta k' ko d' a madadinta. Idan "ɗaki" ta shigo da lanƙwasarta amma "kiɗa" ta shigo a matsayin "kida", mabuɗansu sun rabu, kuma na'urar ba za ta yi ƙorafi ba. Za ta ba ka amsa mai kama da cikakkiya, da kalma ɗaya a ɓace. Idan kuma aka ce a sauƙaƙa a goge lanƙwasa gaba ɗaya, "ƙasa" ta zama "kasa", "saƙa" ta zama "saka", gida biyu sun rushe sun koma ɗaya. A ganina wannan ya fi muni, domin k da ƙ a Hausa haruffa biyu ne kamar yadda b da d suke, wanda ya haɗe su kuwa ya koya wa yaro kuskure da hannunsa.

Sai alamar nan ta sama da ke cikin "sa'a" da "'ya'ya". Masu manhaja sun saba share duk wata alamar rubutu kafin su fara aiki, amma a Hausa wannan alama ɓangaren kalma ce. A share ta, "'ya'ya" ta koma "yaya". Ga shi kuma tana zuwa da siffa fiye da ɗaya, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, ido na ganinsu kusan ɗaya, na'ura na ganin lambobi daban. Ƙari a kan haka, abin da ake rubutawa 'y a Najeriya, a Nijar ƴ ake rubuta shi, harafi guda. Wanda ya haɗa rubutun Kano da na Damagaram a jeri ɗaya dole ya zaɓi siffa ɗaya ya mayar da duka gare ta kafin ya yanka mabuɗi ko ɗaya. Mayar da 'y zuwa ƴ ya fi tsafta, tunda sauti ɗaya ne.

Wurin da na fi son a tsaya a yi tunani shi ne "hatsi" da "tashi". A allon rubutu kowacce haruffa biyar ce, kuma mabuɗinsu ɗaya, `ahist`. Na'ura za ta ce 'yan gida ɗaya ne. Amma a abacadar Hausa "sh" harafi ne mai zaman kansa, "ts" ma haka. Da wannan ido "hatsi" ita ce h, a, ts, i, "tashi" kuma t, a, sh, i, baƙaƙensu ba su haɗu ko a ɗaya ba. To wanne ne daidai? Ya danganta da abin da ake so a yi. Idan wasa ne na ƙwayoyin haruffa, inda s da h da t kowanne ke kan ƙwayarsa, haɗuwarsu halal ce. Idan kuwa darasi ne na koya wa yara karatu, ni ba zan yarda a tsaga "sh" biyu ba, domin yaron sauti ɗaya yake ji. Gyaran mai sauƙi ne: kafin jerawa a musanya kowace "sh" da wata alama guda da ba a amfani da ita, "ts" ma da wata. Da haka "hatsi" da "tashi" za su rabu, "tasha" da "shata" kuwa su ci gaba da zama tare. Abin da ba ya halatta shi ne a bar shawarar ga na'ura ba tare da an san an bar mata ba.

Ta yaya za a gane an samu matsala tunda ba ta yin ƙara? A jera mabuɗan duka a leƙa saman jerin da ƙasansa. Miƙaƙƙiyar alamar sama, da manyan haruffa, da tazarar da ta maƙale a jikin kalma, duk lambobinsu ƙanana ne, saboda haka a sama suke taruwa. Baƙin alamomi masu manyan lambobi kuma a wutsiyar mabuɗi suke bayyana. Sannan a riƙe wasu gidaje da aka sani da ka a matsayin ma'auni. Idan `aikɗ` bai kawo ɗaki da kiɗa da kaɗi ba, ko aka nemi `aasƙ` aka tarar da wayam, lanƙwasa ta zube a wani wuri.

Iyakar mabuɗi

'Yan wasan Scrabble na gasa da wannan dabara suke haddace kalmomi. Ɗan wasa yana riƙe da ƙwayoyi bakwai, kuma idan ya zuba su duka a wasa ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Don haka sukan yi katuna, mabuɗi a gaba, kalmomi a baya. Mai kati ya ga `AEINRST` sai ya kawo `RETAINS`, `NASTIER`, `RETINAS`, `STAINER` da sauransu. A wurin gasa kuma da yawansu sukan fara jera ƙwayoyinsu bisa abacada, don idonsu ya ga abin da ya saba gani a kati. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage: Wellington Jighere ya ci gasar duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

A wasan ne kuma ake ganin inda mabuɗi ya tsaya. Yana amsa tambaya ɗaya ce: waɗanne kalmomi ne ke cinye haruffan nan duka? Idan ana son gajerun kalmomi da ke cikin ƙwayoyi bakwai, sai a bi kowane rukuni da za a iya tsamowa daga cikinsu, su 127 ne idan babu maimaici, a yanka wa kowanne mabuɗi a duba. Idan akwai ƙwayar da ba rubutu a kanta, wadda ke tsayawa a madadin kowane harafi, a gwada ta sau 26. Duk wannan ƙaramin aiki ne ga na'ura. Amma a ce a mai da haruffan jimla guda su zama wata jimla mai kalmomi da yawa, wannan wata matsala ce daban mai neman bincike mai rassa, mabuɗi taimako kawai yake yi a cikinta.

Haka kuma ba ya jin karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo a baki kalmomi biyu ne, a rubutun yau da kullum kuwa ɗaya, don haka kati ɗaya za su samu. Mafi girman iyakarsa dai ita ce jerin kalmomin da aka ba shi. In aka ce ya fito da duka, ana nufin duk abin da ke cikin jerin. Kalmar da Basakkwace ke faɗa kullum, idan mai tattara jerin bai rubuta ta ba, babu jerawar da za ta haifo ta.

Saboda haka, mai karatu, idan kana koyarwa, ko kana shirya wasan kalmomi na jarida, ko kana koyon rubuta manhaja, ka fara da kalmomi ɗari da ka rubuta da hannunka, kowace lanƙwasa a wurinta. Ka yanke shawara a kan "sh" da "ts" ka rubuta ta a saman shafi, ka tabbatar ɗaki da kiɗa da kaɗi sun faɗo layi ɗaya, sannan ka ƙaro sauran kalmomin.